Littafin minit ya ce 1976, tsofaffi sun ce 1972: wanne za mu rubuta?

Tambaya: Baba, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni ne magatakardan kwamitin littafin bikin cika shekara 50 na ikilisiyarmu ta sashen Hausa a nan Kano, kuma ni aka ɗora wa babin kafuwa. Littafin minit mafi tsufa da muke da shi ya fara daga Maris 1976, amma wasu tsofaffi sun dage cewa tun 1972 ake sujada. Gidaje biyu kuma kowanne na cewa mahaifinsu ne ya kafa. Na haɗo hoton shafukan farko na littafin da taƙaitaccen abin da mutum uku suka faɗa mini. Wanne zan bi?

Amsa: Ɗan'uwana, na duba abin da ka turo, kuma ban ga wanda ya yi ƙarya ba a cikinsu. Littafin da tsofaffin ba abu guda suke magana a kai ba. Ikilisiya ba a rana ɗaya take tsayawa da ƙafarta ba. Akwai ranar da mutane suka fara haɗuwa su yi addu'a a ɗakin wani, akwai ranar da uwar ikilisiya ta turo musu mai bishara, akwai ranar da majalisar gunduma ta amince su zaɓi dattawansu su riƙe kuɗinsu, sannan akwai ranar da aka buɗe gini. Tsakanin ta farko da ta ƙarshe ana iya samun shekara goma. Aikinka shi ne ka raba waɗannan, ka nema wa kowacce shaidar da ta dace da ita, sannan kwamiti ya faɗa a fili wacce ake yi wa biki.

Bari mu fara da littafin, domin shafinsa na farko ma ya goyi bayan tsofaffin. An rubuta a samansa Lahadi 7 ga Maris 1976. Abu na farko da nake yi da kowane kwanan wata shi ne in duba kalandar shekarar in ga ko ranar mako ta dace, kuma wannan ta dace, 7 ga Maris 1976 Lahadi ce. Ka riƙa yin haka da duk kwanan da za ka dogara da shi, musamman na Janairu da Fabrairu, domin hannun magatakarda yakan ci gaba da rubuta tsohuwar shekara bayan ta wuce. Da a ce an rubuta Lahadi 7 ga Maris 1975, da ka san da matsala, domin wannan ranar Juma'a ce.

Yanzu ka karanta layin da ke bin addu'ar buɗewa. An ce an karanta minit na taron da ya wuce, an kuma amince da shi. Taron farko ba shi da taron da ya wuce. Ke nan akwai wani littafi ko wasu takardu kafin wannan, sun ɓace ko suna cikin akwatin wani. Ka sauka ƙasa kaɗan, ma'aji ya ba da rahoton kuɗin da ke hannu, sama da naira ɗari huɗu. Ka ɗauki adadin baikon Lahadi guda da aka rubuta a shafi na uku ka raba wannan kuɗi da shi, za ka ga ƙaramar jama'a irin wannan ba ta tara shi a wata ɗaya ko biyu ba, ko da mun bar gurbi don gudummawar wani mai hali. Sai kuma batu na uku, inda ake tattauna sayen kwanon rufi. Mutanen da suka kai ga maganar kwano sun riga sun sami fili, sun buga bulo, sun ta da bango. Duk wannan yana cikin shafukan da ka turo, kuma yana nuna cewa 1976 shekarar da rubutun da ya tsira ya fara ce kawai, har sai an sami wata takarda da ta ba ta wani matsayi.

Akwai wani abu da na lura da shi a hotunan, amma sai ka tabbatar da littafin a hannunka. Shafukan uku duk hannu ɗaya ne, biro ɗaya, babu gogewa, babu layin da aka soke. Ka duba ko haka yake har shafi na ashirin ko talatin. Minit da aka rubuta wata bayan wata yakan canza: yau shuɗin biro, gobe baƙi, wata rana rubutun gaggawa, wata rana na natsuwa, kuma shugaban taro yakan sa hannu da kwanan wata a ƙarshen kowanne. Idan tarurrukan shekara guda duk sun zo sumul kamar a zama ɗaya aka rubuta su, to kwafe su aka yi daga baya daga wasu takardu. Wannan bai ɓata littafin ba, amma mai kwafa yakan gyara, yakan taƙaita, wani lokaci yakan ba mutum muƙamin da bai samu ba sai daga baya. Idan ka ga an kira wani Rabaran a taron 1976 alhali ba a naɗa shi ba sai bayan shekaru, alama ce ta haka. Ka kuma ƙirga shafukan, ka duba ɗinkin tsakiya ko an yage wasu.

Minit yana da ƙarfi a kan abu uku: rana, kuɗi, da shawarar da aka yanke. A kan waɗannan na fi yarda da shi fiye da ƙwaƙwalwar kowa, domin an rubuta shi a lokacin, an kuma karanta shi a gaban waɗanda za su iya musawa. Amma rauninsa ma a fili yake. Abin da aka yanke yake rubutawa, ba ya gaya maka ko an aikata. "An amince a sayi kwano" ba ya nufin an saya, sai ka bi tarurrukan gaba ko littafin ma'aji ka ga fitar kuɗin. Sau da yawa za ka tarar an amince da abu guda sau huɗu cikin shekara biyu, wanda ke nuna maka ba a yi shi ba a ukun farko. Haka kuma yana ɓoye rigima. Inda magatakarda ya rubuta "bayan doguwar tattaunawa", ko "an ɗage batun", ka sa alama, domin nan ne za ka tambayi tsofaffi. Babban rauninsa kuwa shi ne waɗanda ba sa zama a majalisa ba sa shiga cikinsa. Sunaye bakwai da ke shafinka na farko duk na maza ne. Matan da suka ɗebo ruwan gini da waɗanda suka yi ta dafa wa magina abinci, da wadda ta ba da ɗakinta, ba za ka same su a nan ba. Idan Zumuntar Mata tana da nata littafin, ka nema, ko da na tara kuɗin mako ne.

To, mu koma ga mutanenka uku. Kafin ka auna abin da suka faɗa, ka auna inda kowannensu yake tsaye a lokacin. Na ukun, ɗan faston farko, ka ce an haife shi a 1970. Yana da shekara biyu a 1972, shida a 1976. Duk abin da ya faɗa maka game da kafuwa ji ya yi a gida, bai gani ba. Maganarsa tana da amfani, domin ita ce labarin da gidan fasto ya riƙe, kuma wataƙila takardun mahaifinsa suna hannunsa, amma ba za ka ajiye ta a ma'auni ɗaya da ta wanda ya zauna a kan tabarmar ba. A duk hirar da za ka yi, ka riƙa tambaya a hankali: wannan da idonka ka gani, Baba, ko gaya maka aka yi? Wa ya gaya maka? Tsofaffi ba sa jin haushin wannan tambaya idan an yi ta da ladabi, kuma Hausa ma tana taimakonka, domin za ka ji "wai" da "an ce" suna shigowa da kansu idan mutum ya bar abin da ya gani. Kada ka goge su lokacin da kake rubuta hirar.

Na farkon, Baba tsohon ma'aikacin jirgin ƙasan nan, ya ce a gidan yayansa aka fara, a shekarar da aka canza hannu. Wannan ya fi a ce ya ba ka lamba. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a watan Afrilu 1972, kuma abu ne da duk wanda ke Kano a lokacin ya shaida a kan titi. Mutane ba sa riƙe shekara da lamba, da abin da ya faru a cikinta suke riƙe ta, shi ya sa tambayar "a wace shekara?" ita ce mafi rashin amfani da za ka yi wa tsoho. Zai ba ka lambar da ya ji ana faɗa a coci don kada ya ba ka kunya. Ka tambaye shi waye gwamna a lokacin. Audu Baƙo ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, Sani Bello ya gaje shi. Ka tambaye shi an gama yaƙin basasa ko ana ciki, wanda ya ƙare a Janairu 1970. An riga an biya kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata na 1975? Ina kuke sujada ranar da aka kashe Murtala, Juma'a 13 ga Fabrairu 1976? Wannan ta ƙarshe tana da daraja a gare ka, domin mako uku da kwana biyu ne tsakaninta da shafin farko na littafinku, kuma babu Bakano mai hankali a lokacin da ya manta inda yake. Duk wanda ya ce maka Lahadin da ta biyo baya a cikin ginin da ba a rufa ba suka yi sujada, ya ba ka shaida mai kyau.

Amma ka yi hattara da kuɗi. Naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Sai mutum ya ɗauka duk wanda ya ce "mun tara fam goma" yana maganar kafin 1973 ne. Ba lallai ba. Mutane sun ci gaba da lissafi da fam da sule shekaru da yawa bayan haka, suna cewa fam suna nufin naira biyu. Abin da ke zama shaida shi ne rubutacce, rasit ko shafin ma'aji mai alamar fam. Haka kuma "shekarar canjin kuɗi" tana iya zama 1973, tana iya zama 1984 lokacin da gwamnatin Buhari ta canza launin takardun naira. Sai ka sake tambaya wanne ake nufi.

Ta biyun, Mama gwauruwar nan, ita ce na fi so ka koma wurinta da wuri. Ta ce kafin a fara sujadar Lahadi, mata huɗu ko biyar ne suke haɗuwa da yamma a falonta, kuma tana da cikin ɗanta na biyu a lokacin. Wannan magana ana iya gwada ta. Ɗan nan yana da katin haihuwa ko na asibiti, ko takardar makarantar firamare. Idan an haife shi a tsakiyar 1972, to addu'ar matan ta faro ne a ƙarshen 1971 ko farkon 1972, kuma ta riga ta gidan yayan Baba ko sun zo tare. Ka fi dogara da katin da aka rubuta a lokacin haihuwa. Takardar rantsuwar shekaru da aka yi a kotu don neman aiki ba abin dogaro ba ce, kowa ya san yadda ake rage shekara a cikinta.

Ka lura cewa maganar Mama da ta Baba sun fito ta hanyoyi daban, ɗaya ta titi, ɗaya ta ciki da goyo, suka haɗu a shekara guda. Irin wannan haɗuwa ita ce ke da nauyi. Yawan masu faɗa ba shi ne ba. Idan mutum goma suka ce maka 1972, duk kuma a jawabin da wani dattijo yake yi kowace shekara ranar godiya suka ji, to shaida ɗaya gare ka, ba goma ba. Za ka gane haka idan ka ji suna ba da labarin da kalmomi iri ɗaya, da tsari iri ɗaya, har da wurin da ake dariya. Labarin da aka maimaita shekara arba'in a kan bagadi ya zama kamar tsohuwar tabarya, hannu ya goge duk wani kaushi da ke jikinta. Abin da kake nema shi ne kaushin: wane ne ya ƙi zuwa, wane benci ne ya karye, me mai gidan haya ya ce da ya ji waƙa.

Saboda haka yadda za ka yi hirar yana da muhimmanci, kuma ina ganin daga taƙaitawar da ka turo cewa a harabar coci ka yi ta bayan sujada. Ka sake ta a gidajensu, kowa shi kaɗai. Idan ka tara tsofaffi wuri ɗaya, babba ne zai yi magana saura su ce haka ne, kuma a gaban fasto ba wanda zai faɗi abin da ya raba majalisa. Wurin Mama ka tafi da wata mace daga kwamiti, ka bar ta ta ja hirar. Ka kuma tuna da alkunya: tsohuwa irinta mai yiwuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗan farinta ba, za ta ce "mai gidan nan" ko "shi wannan". Kada ka matsa mata, ka nemi sunan a wurin wani, ka rubuta a gefe. Haka mutane da yawa laƙabi aka san su da shi, na sana'a ko na garinsu, littafin baftisma kuwa wani suna ya rubuta. Ka buɗe shafi guda da za ka riƙa haɗa laƙabi da sunan rajista, in ba haka ba za ka mai da mutum ɗaya biyu a jerin waɗanda suka fara.

Wayarka ta isa ɗaukar murya. Ka kashe layin don kada kira ya katse, ka ajiye ta kusa da bakin mai magana nesa da fanka da janareta, ka fara da faɗin ranar da wurin da sunan wanda kake hira da shi, sannan ka nemi izininsa a cikin ɗaukar cewa za a yi amfani da maganarsa a littafi. Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta isa zama guda, bayan haka tsoho ya gaji, sai ya fara amsa maka da abin da yake jin kana so. Kada ka nuna hoto ko littafin minit a zaman farko, domin da zarar ya ga 1976 a rubuce zai karkata labarinsa ya dace da shi. Ka bari sai zama na biyu, lokacin ne hoto ke buɗe baki, ka bi fuskoki ɗaya bayan ɗaya. In da hali ka ɗauki Baba a mota ku je unguwar ya nuna maka ƙofar gidan, ko da an rushe shi an yi shaguna. Ka ware lokaci sosai don rubutawa, domin hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida kafin a mai da ita rubutu kalma da kalma, kuma a harshen da aka yi ta za ka rubuta, ba tare da gyara wa tsoho Hausarsa ba.

Abin da ya rage shi ne takardar da za ta gaya mana me ya faru a 1976, kuma ba a cocinku take ba. Tana wurin uwar ikilisiyar da kuka fito daga cikinta, da ofishin gunduma. Kafin jama'a ta sami nata dattawa, sunayen waɗanda aka yi wa baftisma daga cikinta a rajistar uwar ake rubuta su, baikonta ma can ake kaiwa. Ka nemi minit nasu daga 1971 zuwa 1976 ka bi shafi shafi kana neman sunan unguwarku. Layi ɗaya da ya ce a tura mai bishara wurin masu addu'a a wuri kaza ya ishe ka. A ofishin gunduma kuma ka nemi taron da aka amince da ku, ko wasiƙar da aka aiko. Mutane sukan ce a je Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Wuri ne mai kyau ga cocin Sabon Gari da aka kafa a zamanin Turawa, lokacin da batun filin mishan yake bi ta ofishin Razdan, amma yawancin abin da ke can na wancan zamani ne, kuma ban ga dalilin da za ka kashe kuɗin mota don ƙaramar ikilisiyar da ta taso bayan yaƙi ba kafin ka gama da akwatunan da ke Kano. Dutsen da aka manna a bangon coci kuwa ranar gini ko buɗewa yake faɗa, kuma sau da yawa daga baya aka sassaƙa shi. Tsofaffin hotuna ka juya bayansu, masu ɗaukar hoto na da sukan buga hatimin shagonsu, wani lokaci har da kwanan wata.

Idan abin ya fito yadda nake zato, babin zai tsaya a kan matakai uku, kuma ga yadda zan rubuta zuciyarsa in ni ne:

"Sujada ta fara ne a gidaje. Mama wance ta tuna cewa mata kaɗan suna haɗuwa a falonta tun tana da cikin ɗanta na biyu, wanda katin haihuwarsa ya nuna 1972. Baba wane, wanda shi ma yana wurin, ya ce sujadar Lahadi ta farko a gidan yayansa aka yi ta, a shekarar da aka canza hannun tuƙi. Babu rubutun da ya tsira daga waɗannan shekaru. Littafin minit mafi tsufa ya fara ne ranar 7 ga Maris 1976, kuma a ranar jama'ar ta riga ta sami ma'aji da fili da gini da ke jiran rufi."

Ka ga kowace jimla ta faɗi inda ta samo ƙarfinta, ba tare da an cika shafi da lambobin ƙasa ba. Mai karatu ya san abin da takarda ta tabbatar da abin da mutum ya tuna. Inda shaidu biyu suka saɓa kuma ka kasa raba su, ka kawo duka biyun da sunan mai kowacce. Abin da ba zan yarda ka yi ba shi ne raba tsakiya, a ce tunda wasu sun ce 1972 wasu 1976 to a rubuta 1974. Wannan shekara ce da babu wanda ya shaida ta.

Batun gidajen nan biyu ma a nan yake warwarewa, ko da yake ba zan yi maka alkawarin kowa zai ji daɗi ba. Kada ka ba mutum ɗaya kambun kafawa. Ka faɗi abin da kowa ya yi da aikatau ɗinsa: wannan ya ba da ɗakinsa shekara kaza, wannan ta tara mata, wannan shi ne ma'aikaci na farko da aka turo, a hannunsa aka sami matsayin ikilisiya, waɗannan bakwai su ne dattawan da littafi ya fara ambata. Ɗan fasto yana da gaskiya cewa a zamanin mahaifinsa abin ya zama ikilisiya mai tsari, dangin Baba suna da gaskiya cewa a gidansu aka fara Lahadi. Kafin a kai wa maɗaba'a, ka je kowane gida ka karanta musu sakin layin da ya shafe su. Ka gaya musu tun farko cewa kuskuren suna ko na rana za ka gyara nan take, amma ba za ka cire sunan wani ba sai da shaida. Gara su yi fushin a falonsu da su yi shi ranar biki a gaban baƙi. Ka kuma sa kwamiti ya raba shafukan gaisuwa da ake biya da babin tarihi, domin wanda ya sayi cikakken shafi yakan so kuɗinsa ya sayo wa mahaifinsa wuri a cikin labarin.

Akwai abin da za ka gani a minit wanda ba na bugawa ba ne. Majalisar dattawa ita ce ke sauraron shari'ar aure da horon waɗanda suka yi laifi, kuma sunayensu suna nan a rubuce, jikokinsu kuma suna zaune a bencin gaba. Idan wata rigima ta shafi tarihin kai tsaye, misali ta sa wasu suka fita suka buɗe wani wuri, ka faɗi cewa an sami saɓani a kan abu kaza, kashi kaza suka tafi, ka tsaya nan. Kuma tunda a Kano muke, duk wanda labarin shigowarsa ikilisiya zai iya jawo wa shi ko danginsa matsala, kada sunansa ko hotonsa ya shiga sai shi da bakinsa ya yarda, in ya rasu kuma 'ya'yansa. Littafin biki yana yawo hannu da hannu fiye da yadda kwamiti ke zato. Haka maƙwabcin da ya ba da aron fili ko ya ɓoye mutane lokacin tarzomar 1991, a tambayi gidansa kafin a yaba masa a rubuce.

Game da lambar 50 da ke bangon littafi, idan takardar gunduma ta nuna 1976 aka amince da ku, to bikinku yana kan daidai, sai a rubuta a ƙarƙashinta cewa shekara 50 ne da samun matsayin ikilisiya, babin farko kuma ya ɗauki shekarun gidaje. Idan takardar ta nuna wata shekara, ko ba a same ta ba kafin lokacin bugu, ba sai an fasa biki ba. A rubuta cewa ana ƙirgawa ne daga littafin minit mafi tsufa da ke hannu, wanda ya fara a Maris 1976, kuma kwamiti ya yanke wannan shawara a zama, a shigar da ita cikin minit na yanzu da dalilinta. Ka ɗauki hoton kowane shafi na tsohon littafin a hasken rana tun yau, ka ajiye shi tare da muryoyin da rubutun hirar a wuri biyu, ɗaya a ofishin coci, ɗaya a gunduma. A makon nan kuwa ka fara da Mama da katin haihuwar ɗanta, sannan ka tambayi gidan magatakarda na farko ko akwai wani littafi da ya riga wannan a cikin kayan da ya bari.